Bangon Agusta, Hoton Nuwamba

Na san ku. Tun ban buɗe baki ba kun riga kun taɓe naku. Da an ce mai fenti ya ɗora hoto biyu a waya, ɗaya na bango ya yi baƙi ya ɗaɗɗaye, ɗaya kuma fari tas kamar a lashe, sai mutumin Konni ya gyara zama ya ce: "Wanga ai mun sani, duk ƙarya ta." To sannu, mai ido a tsakar ka. Mutumin da ya tashi a garin da ake canjin naira da sefa a bakin titi, ya saba ƙirga kuɗi sau biyu ko da ƙaninsa ne ya miƙo masa, ba za a ce ya gaskata hoto don an rubuta masa "Avant" da "Après" a ƙasa ba. Ban ga laifinku ba. Amma wannan karon wayon naku ya yi tuntuɓe, don yawancin hotunan nan ba na ƙarya ba ne. Bangon da kuka gani baƙi, haka yake ranar da aka ɗauke shi. Wanda kuka gani fari, shi ma haka yake. Gaskiya biyu aka jera muku kafaɗa da kafaɗa, ku da kanku kuka ƙulla ta uku a zuci, cewa aikin mai fenti ne ya mayar da wancan ya koma wannan, kuma haka zai zauna. Ita ta ukun ce ake cutar ku da ita, kuma ba kowa ya furta ta.

Bari mu ɗauki ɗaki guda mu bi shi daki-daki, kada ku ce ina ta yawo da ku a iska. A ce ɗaki ne na bulo da shafen siminti, mita huɗu a huɗu, tsawon bango mita uku, a wata unguwa ta Malbaza. Garin da ake ƙona siminti tun shekarun 1960, ba za a ce mutanensa ba su san shafe ba. Bangon gabas ne ke da ciwo, kuma ba abin mamaki, don hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iskarsa, shi yake fara mari. Daga ƙasa zuwa kamar gwiwar mutum bangon ya yi duhu, fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, in ka shafa ya biyo hannunka. Mai gida ya kira mai fenti cikin Agusta, ruwa na tsakiyar zuba. Mai fenti ya zo bayan la'asar, ya ciro waya ya ɗauki hoto, taga a rufe, ga buhuna jingine, ga tabarma a naɗe. Aka yi ciniki, mai gida ya ce a bari sai an sayar da wake. Ba a taɓa bangon ba sai Nuwamba.

To, me ya faru tsakanin Agusta da Nuwamba? Ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara busowa, ƙasar gindin bango ta bushe. Duhun nan da ke cikin hoton farko rabinsa ya tafi da kansa, ba wanda ya sa masa hannu. Mai fenti ya zo ya kankare ƙurajen, ya shafa fentin ruwa, ya buɗe taga da hantsi, ya fitar da buhuna, ya ɗauki na biyu. In ya rubuta a ƙasa "mun kawar da laima har abada", ya ci ladan hunturu. Laimar tana nan ƙarƙashin ƙasa tana jiran Yuli.

Na ji wani daga baya yana cewa, "To malam, ashe dai mu muka yi gaskiya." A'a, Alhaji, zauna tukuna. Kai ka ce hoton ƙarya ne, ni na ce rubutun ƙasan ne ya ɓoye kwanan wata. Da ya rubuta cewa na farko Agusta ne ana cikin ruwa, na biyu Nuwamba ne bango ya bushe, da ko yaron da ke tallar ƙosai ya gane inda gizo ke saƙa. Kwanan wata biyu kaɗai sun isa su rushe rabin yaudarar, kuma rubuta su ba ya cin ko dala.

Ku bar ni in ɗan tsaya kan ita laimar, don in ba ku san ciwon ba, ba za ku gane wane rubutu ne ya faɗi gaskiya a kansa ba. Bulo da shafe suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In ƙasar gindin bango ta jiƙe, ruwa yakan bi ƙofofin nan ya hau sama, ya ɗauko gishirin da ke cikin ƙasa da cikin yashi. In ya kai fuskar bango sai ruwan ya bi iska, gishirin ya tsaya. Shi ne farin garin, shi ne kuma ke tura fenti daga baya har ya ɓanɓare. Fenti ba ya kashe wannan. Fentin mai ma ƙara ɓata lamarin yake, don yana toshe hanyar da ruwan zai fita, sai ya taru a bayansa ya kumbura. Maganin yana waje: indararon da ke zuba a gindin bango, ko wurin wanke-wanke da aka jingina da shi, ko ƙasar tsakar gida da ta fi daɓen ɗaki tudu. Sai an gyara wannan, a fasa ruɓaɓɓen shafen har a wuce iyakar tabon da kamar taƙi guda ko fiye, a sake sabo, sannan a yi haƙuri. Sabon shafen siminti yana son kimanin kwana 28 kafin a ɗora masa fenti, don yana da kaifi irin na toka da ke cin launi, ga ruwan jikinsa bai gama fita ba. Wanda ya yi shafe ranar Litinin ya yi fenti ranar Laraba don ya sami hoton nuna wa mutane a kasuwar Konni, kitso ya yi da ƙwarƙwata.

Saboda haka ayyuka biyu ne mabambanta, kuma hotonsu na ranar gamawa iri ɗaya ne sak. Wanda ya kankare ya shafa, da wanda ya karkatar da indararo ya fasa shafe ya jira wata guda, in ka jera hotunansu ba za ka bambance ba ko da kai ne sarkin magina. Rubutun ƙasa ne kawai zai raba su. Na farkon, in mai tsoron Allah ne, ga abin da zai sa:

"Ɗaki a Malbaza, bangon gabas. Hoton farko Agusta, ana cikin damina. Na biyu Nuwamba, kwana biyu bayan gama aiki. Mun kankare tsohon fenti, mun shafa fentin ruwa sau biyu. Ba mu taɓa shafe ko indararo ba, mun gaya wa mai gida tabon na iya dawowa da ruwa."

Kun yi dariya. Na ji ku. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa ma mai fentin ne da kansa: "Haba malam, so kake in kashe kasuwata da hannuna? Wa ka sayen wanga zance?" Sannu, maigida, ajiye rolar mu yi lissafi. Kai ba a Yamai kake ba, inda mutum zai yi aiki a wata unguwa ya ɓace. Daga Konni zuwa Tsarnawa zuwa Malbaza zuwa Galmi kwalta guda ce, kuma labari ya fi mota gudu a kanta. Mai gidan da ka yi wa alkawarin "har abada", in bangonsa ya kumbura a Agusta mai zuwa, yana da hotonka a wayarsa da rubutunka a ƙasa, da hannunka ka ba shi shaida. A wurin suna zai nuna, a zaman makoki zai nuna, har surukinsa da ke ci-rani a Abijan sai ya gani. Wanda kuwa ka gaya masa tun farko cewa tabon na iya dawowa, in ya dawo kai zai kira, kuma wannan karon aikin babba ne, da shafe da indararo. Ka ga ba wa'azi nake maka ba, hanyar cin kuɗin mutum sau biyu da yardarsa nake nuna maka.

Wa'azin ma in kana so akwai shi, kuma ya zo daidai da bangonka har abin ya ba ni mamaki. Malamai suna kawo labarin da ke cikin Sahihu Muslim, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ya ji laima a ciki alhali saman a bushe. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a tuhume shi da cewa ya yi ƙarya da baki ba. Abin da aka tambaye shi shi ne me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Laima a ciki, bushewa a waje, mai kaya ya yi shiru. Ban ƙara komai ba.

Yanzu ga samarin da ke riƙe da waya, waɗanda ke cewa ai su ba sa taɓa hoto, yadda ya fito haka suke turawa. Yaro, wayar taka ta riga ka taɓawa. Duk lokacin da ka danna, ita ke zaɓar yawan hasken da za ta bari ya shiga, ita ke yanke hukuncin mene ne fari a cikin ɗakin ta daidaita sauran launuka da shi. Bango guda, ka ɗauke shi da yamma taga a rufe ya fito ja-ja mai datti, ka ɗauke shi da hantsi taga a buɗe ya fito fes, ba tare da ko ɗigon fenti ba. Gwada a ɗakinka yau ka gani, in na yi ƙarya ka zo ka karɓi goro. Maganin wannan ba wuya. Ranar hoton farko ka zana da gawayi inda ƙafarka ta tsaya, ka lura da lokaci, ka lura ko taga a buɗe take ko fitila na kunne. Ranar na biyu ka koma kan zanen, a lokacin, a yanayin. Ka bar wani abin da aikinka bai shafa ba ya fito a duka biyun, kamar ƙyauren ƙofa ko makunnin wuta. In ƙyauren ya fito launi ɗaya a hotunan, mai kallo ya san hasken bai canza ba. In a na farko ya yi duhu a na biyu yana walƙiya alhali ba ka fente shi ba, to rana ce ta yi maka rabin aikin. Kuma kada ka matso kusa da tabo a na farko har ya cika fuskar waya, sannan a na biyu ka ja baya ka danna 0.5 ɗakin ya buɗe kamar filin idi. Wannan dabarar ta tsufa, buhun albasar Galmi ne da aka jera manya a baki.

Kada ku ɗauka ku kuka fara, ko kuwa cutar ta talakan gari ce. A Amurka, ƙarshen shekarun 1960, an gano masu yi wa kamfanin miyar gwangwani na Campbell talla suna zuba 'yan ƙwallayen gilashi a gindin kwano kafin su ɗauki hoto, don kayan miyar su taso sama a ga kamar ta cika da su. Miyar tasu ce, kayan cikin ma nasu ne, ba a ƙara ko yanki ɗaya ba. Duk da haka hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta shiga maganar har kamfanin ya amince ya daina. Su da ke da lauyoyi ke nan, balle kai da lauyanka shi ne rantsuwa.

Mu koma ɗakinmu, akwai sauran ƙwaya a ciki. Na ce a rubuta "sau biyu", kuma na san mai shakka zai ce ta ina zai tabbatar, tunda hoto ba ya nuna kaurin fenti. Gaskiya ne, ba ya nunawa. Amma bokiti yana nunawa. Bango huɗu, kowane mita huɗu a uku, murabba'in mita 48 ke nan. Cire ƙofa da taga, a ce saura 44. Shafa biyu ya zama 88. Fentin ruwa a kan shafe mai ɗan kaushi, lita guda takan rufe wajen murabba'in mita takwas, wani ya ɗara wani ya gaza, kuma a jikin bokitin ake rubutawa. To aikin na son lita goma sha ɗaya ko kusa da haka. In mai fenti ya zo da galan mai lita huɗu ya gama ɗakin har ya rage na taɓa ƙofar bayi, ya rubuta "sau biyu", to fentin ko shafa ɗaya bai isa ba, rijiyar gidan ce ta ba da gudummawa. Fentin da aka tsinka da ruwa fiye da kima yana kyau a hoto ranar farko kamar kowane. Bayan 'yan watanni ne za ka jingina da baƙar riga ka tashi da farin baya. Shi ya sa mai gaskiya ba ya jin nauyin ƙara wa rubutunsa "lita goma sha ɗaya". Wanda ya san lissafi ya duba, wanda bai sani ba ya tambayi ɗansa ɗan lakkwal.

"Kwana biyu bayan gama aiki" ma ba ado ba ne. Ɗanyen fenti yana sheƙi, yana ɓoye sawun rola da wuraren da hannu bai kai ba, sai ya bushe suke bayyana. Masu wanke gidaje sun fi kowa sanin wannan: tayil a jiƙe ko na shekara goma ne yana ɗaukar ido, tabon yana dawowa da zarar ruwan ya bushe. Haka mai gyaran babur da ya wanke inji da fetur ya ɗauki hoto ya ce ya tsayar da yoyon mai. Wankakken inji ba ya yoyo a hoto. A hau shi zuwa Illela a dawo, a jingine shi a kan kwali ya kwana, sannan a ɗauka, a rubuta hakan.

In kuwa mai fentin namu babban aikin ya yi, rubutunsa zai fi tsawo kaɗan kuma ya fi daɗin karantawa: an ƙara wa indararo tsawo ya zuba nesa da bango, an fasa shafe daga ƙasa zuwa ƙugu, an sake shi, an jira mako huɗu, an shafa sau biyu. Sai ya rufe da cewa bangon bai ga damina ba tukuna. Wannan jimlar ita ce mafi wuyar rubutawa, don mutum ya yi aiki tsakaninsa da Allah, yana ganin ya cancanci ya bugi ƙirji. Amma bai sani ba, ni ma da nake ta zuba ban sani ba, sai ruwa ya gwada. Akwai gwajin da ake yi da leda: a yanko kamar taƙi biyu a biyu, a manna ta a gindin bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta ta kwana ta wuni. In aka ɗaga aka ga raɓa ta ciki ko bangon ya yi duhu a wurin, ruwa na fitowa daga jikinsa. Sai dai gwajin na Nuwamba ba ya faɗin abin da Agusta za ta yi, yana gaya maka kawai ko yau za a iya fenti. Hoton da ke da nauyi shi ne na uku, wanda za a koma a ɗauka a ƙarshen Satumba, a kan zanen gawayin nan ko inda yake a da. Wanda ya ga irin ruwan da aka yi a ƙasar nan a daminar 2024 ya san bangon da ya fito daga irinta da farinsa ba ya bukatar mai yi masa kirari. Mai fenti guda nawa ne ke komawa? Ku da kuka ce kun san komai, ku ƙirga min, yatsun hannu ɗaya sun ishe ku har ku ba ni canji.

Hajiya daga cikin gida ta aiko a gaya min ita ba ta karatun boko, duk wannan rubutun wa zai karanta mata. Ranki ya daɗe, uzurin bai karɓu ba. Wayar da ke kai miki hoton atamfa tana kai murya. Mai fenti ya danna ya faɗi abu uku da bakinsa, yaushe aka ɗauki kowane hoto, me aka yi, me aka bari, ba zai kai minti guda ba. Muryar ma ta fi, don mutum yana iya cewa yaronsa ne ya yi rubutu, amma ba ya cewa yaronsa ne ya ari maƙogwaronsa. Kuma tunda kin yi magana, ga wata da ta shafe ki: hoton farkon nan ɗakinki ne a ranar da ya fi muni, da kwanukanki da shimfiɗarki. Kada wanda ya yaɗa shi sai ya nemi izininki, kuma ko kin yarda, sunan gari ya isa, ba sai an faɗi gidan wane ba. Ba a tallar sana'a da tona asirin wanda ya ba ka aiki.

Saura masu ɗauko hoton wani falo mai fitilu a silin, wanda ko makaho ya shafa ya san ba a yankin nan yake ba, su rubuta "aikinmu". Waɗannan ba su cikin zancenmu, don mu muna maganar masu gaskiyar da ba ta cika ba ne, su kuwa ko fara ta ba su yi ba. Tambaya ɗaya ke kwance musu zani: a wace unguwa ce, mu je in gani? Nan take za ka ji mai gidan ya yi tafiya.

Ku kuma 'yan taɓe baki, tunda kun ce ba a cutarku, ga aiki na ba ku. In an turo muku hoto biyu, ku daina cewa ƙarya ne kuna juya kai, wannan ko jariri ya iya. Ku tambayi watan da aka ɗauki na farko, ku duba ƙyauren ƙofa, ku tambayi lita nawa ta shiga, ku ce ina na bayan damina. In ya amsa duka huɗun bai yi fushi ba, ku ba shi aikin, kuma don Allah ku biya shi cikon kuɗinsa ranar da ya gama. Don shi ma yana da nasa hotunan biyu a kanku, fuskarku ranar da kuke roƙonsa ya zo, da fuskarku ranar da ya zo karɓar saura, kuma ya ce in gaya muku a lokaci ɗaya ya ɗauke su, taga a buɗe.